Jinina O negetib ne, na maigidana B fozitib, ina da ciki sati 22: me ya kamata in yi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sani a taimaka min da bayani. Jiya naje awo nas ɗin ta duba katina sai naga ta zagaye wani waje da jan biro, tace min jinina O negetib ne, ta tambayeni an taɓa yi min allura bayan haihuwa? nace wace allura, ni Ilham a gida na haifeta. Ta sake tambaya ko na taɓa ɓari nace eh sau ɗaya, cikin wata biyu da rabi har akayi min wankin ciki. Sai ta rubuta min wani gwaji tace in yi in kawo, kuma in zo da sakamakon jinin maigidana. Shi kuma nashi B fozitib ne dan ya taɓa bada jini. Layi yayi tsawo bata samu tayi min bayani ba, wlh tun jiya ban runtsa ba. Yanzu cikina sati 22.

Amaryar Zariya: Wa'alaikumus salam. To ku ba kuyi gwaji kafin aure bane? Ai indai ɗayanku AA ne babu wata matsala, ki kwantar da hankalinki

Baban Walid: Amarya wannan daban wancan daban. AA da AS da SS jinotaif ne, maganar sikila kenan. Ita kuma rukunin jini take magana, A, B, AB, O da kuma fozitib ko negetib ɗin dake biye dashi. Mace zata iya zama AA tas kuma O negetib. A lab nake aiki, kullum sai mun samu wanda ya kawo takardar jinotaif yace ga rukunin jininsa.

Amaryar Zariya: Au haba, ni wlh duk ɗaya na ɗauke su

Hajiya Babba: Ni dai abinda na sani negetib da fozitib basa aure, jininsu baya haɗuwa. Ɗiyar maƙociyarmu haka akayi ta fama, 'ya'ya suna ta komawa. Allah dai ya kyauta amma da an bincika tun farko

Anty Nas: Hajiya da girmanki amma kar ki ɗaga mata hankali, suna aure kuma suna haihuwa lafiya lau. Maman Ilham bari in miki bayani a nutse, ungozoma ce ni kuma irin katinki muna gani a ɗakin awo.

Wannan fozitib da negetib ɗin wani abu ne da yake manne a jikin jajayen ƙwayoyin jini, ana ce masa Rh D. Wanda yake dashi shine fozitib, wanda bashi dashi negetib. Ba ciwo bane, lafiyarki ƙalau, kawai dai ku kaɗan ne, a Najeriya wajen mutum 5 ne cikin 100, turawa kuma sun kai 15. Inda maganar take shine idan jaririn cikinki ya ɗauko fozitib na babansa. Jininki da nashi basa gauraya haka kawai, mabiya ce ta raba su. Amma lokacin haihuwa idan mabiya ta saki, ko ɓari, ko wankin ciki, ko zubar jini ana da ciki, ko faɗuwa a buga cikin, ɗan jinin jaririn yakan tsallako cikin naki. Jikinki bai san wannan D ɗin ba sai ya ɗauke shi baƙo ya haɗa masa sojoji. Kamar mai gadi ne da baya manta fuska, ranar farko kafin ya farga baƙon ya wuce, amma duk randa ya sake ganinsa tun daga ƙofa zai tare shi.

Shiyasa ɗan fari yawanci yake fitowa lafiya, kamar Ilham. Sojojin farko da jiki yake haɗawa manya ne basa iya ratsa mabiya, kuma ma yawanci sai bayan an haihu suke samuwa. Na baya su ne ƙanana masu ratsawa, su shiga jinin jariri na gaba in shima fozitib ne su dinga farfasa masa ƙwayoyin jini tun yana ciki.

Maman Ilham: Innalillahi. Anty kenan ni shikenan tunda har sau biyu ba'ayi min ba?

Anty Nas: A'a ba shikenan ba. Ba kowacce ce jikinta yake haɗa sojojin ba. Idan mace negetib ta haifi fozitib ba'ayi mata allura ba, wajen 16 cikin 100 ne suke kamuwa, sauran basu kamu ba. Gwajin da aka rubuta miki duba takardar, inaga zaki ga an sa Indirect Coombs test ko ICT. Shine zai faɗa mana ko jikinki ya riga ya haɗa su ko bai haɗa ba. Kafin ya fito duk maganar da zamuyi hasashe ne. Ki je gobe da safe, jini kaɗan ake ɗiba a hannu, ba sai kinyi azumi ba.

Maman Ilham: Eh ICT aka rubuta

Baban Walid: Kuma akwai abu ɗaya da yake wajenki. Ke O ce shi B. In Ilham ta ɗauko B, jinin O dama can yana da abinda yake kashe ƙwayoyin B, to da sun tsallako sai ya cinye su kafin jikin ya tsaya lura da D ɗin. Wannan yana rage haɗarin sosai, ya sauko wajen 2 cikin 100. Ba kariya bace da za'a dogara da ita amma tana yiwa mata da yawa rana basu ma sani ba. Kin san rukunin Ilham?

Maman Ilham: Wlh ban sani ba Malam, ba'a taɓa gwada ta ba

Baban Walid: Ki gwada ta wata rana. Zata ma iya zama negetib. Namiji fozitib iri biyu ne, akwai wanda ya gaji D daga uwa da uba duka, shi duk 'ya'yansa fozitib ne. Akwai wanda ya gaji ɓangare ɗaya kawai, shi kowane ciki rabi da rabi ne, ko fozitib ko negetib. Gwajin da mukeyi na yau da kullum baya bambance su, fozitib kawai zai nuna. Amma in mutum ya taɓa haifar ɗa negetib to an san yana cikin kashi na biyu. Kuma ke 'ya mace ce da ke, gara ki san nata tun yanzu.

Yar Maraɗi: Tambaya, to kwanciyar aure fa? Ni an ce min ta nan ne jinin miji yake shiga na mace ya ɓata shi

Anty Nas: Ba ta nan bane. Jinin jariri ne, ko kuma ƙarin jini. In aka ƙarawa mace negetib jinin fozitib, ko tana yarinya ne, to wannan yafi haihuwa saurin tayar da sojojin dan leda guda ce aka zuba mata. Shiyasa nake cewa duk mace negetib ta riƙe abin a ka, ko a sume aka kaita asibiti a samu wanda zai faɗa.

Ummu Sudais: Maman Ilham ki bi maganar Anty ki yi gwajin nan da wuri. Ni ce shaida. A negetib ce ni, na haifi Sudais lafiya babu wanda yace min komai, a wani ƙaramin asibiti na haihu da yamma aka sallameni. Na biyu ta zo da shawara tun ranar da aka haifeta, idonta rawaya kafin magariba, tsofaffi sukace a dinga sa ta a hantsi a bata ruwan gulukos, kwana uku muna haka. Ran na huɗu ta daina kama nono tana wani kuka siriri tana banƙarewa, da muka kaita sukace sai anyi mata canjin jini. Anyi, ta rayu Alhamdulillah amma bata ji, kuma har yau wuyanta bai tsaya daidai ba shekararta biyar. Na uku a ciki ya rasu wata bakwai, ya fito a kumbure. Sai a lokacin ne wani likita ya tambayi rukunin jinina. Kafin nan kuwa babu sunan da ban sha ba a dangin miji, wabi ce, nononta ne mai dafi, har rubutu da turare an kawo min

Hajiya Babba: Allahu akbar, Allah ya baki ladan haƙuri 'yata. To kun gani, abinda nake faɗa kenan

Ummu Sudais: Amin Hajiya. Amma ba auren bane matsalar, allura ɗaya ce aka rasa yi min bayan Sudais. Ƙanwata ma negetib ce mijinta fozitib, 'ya'yanta huɗu ras dan ita duk haihuwa ana mata

Maman Ilham: Ummu Sudais Allah ya bawa yarinyar lafiya, jikina duk yayi sanyi. To ke yanzu ba za'a miki allurar ba?

Ummu Sudais: Sunce bata da amfani a wajena yanzu

Anty Nas: Gaskiya suka faɗa mata, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Allurar anti-D, wasu suna ce mata RhoGAM, rigakafi ce ba magani ba. Abinda takeyi shine ta share ƙwayoyin jaririn da suka shigo jinin uwa kafin jikin uwar ya gane su. In jiki ya riga ya gane ya haɗa nashi sojojin, ko goma aka yi miki babu abinda zata cire, kuɗi kawai za'a zubar. Na sha ganin miji ya sayar da abu ya siyo ta a irin wannan halin, abin tausayi.

Ummu Sudais sannu. Abinda ya faru da 'yarki shine ƙwayoyin jinin da ake farfasawa suna fitar da wani abu rawaya, bilirubin. Tana ciki mabiya ce take kwashe shi ta bawa hantar uwa ta fitar. Da aka yanke cibiya sai aikin ya koma kan hantarta ita kaɗai, ƙarama da bata gama ƙwari ba, sai ya taru da sauri ya hau ƙwaƙwalwa. Ji ne yake fara taɓawa da kuma motsin jiki. Shi kuma na ukun jinin ne ya ƙare masa tun a ciki, zuciya ta gaza sai ruwa ya taru a jikinsa, shine kumburin da kika gani. Kuma yawanci haka yake tafiya, kowane ciki na fozitib yafi na baya tsanani. Nono kuwa babu ruwansa, mace negetib ta shayar da ɗanta.

Kowa ta riƙe wannan, shawarar da ta fito cikin awa 24 na farko ba irin wadda aka saba bace, asibiti ake tafiya a ranar. A fito da jariri haske a danna goshinsa ko kan hancinsa da yatsa a saki, a duba farin ido da dasashi. In rawayan ya sauko har tafin hannu da na ƙafa to yayi nisa. Hantsi da gulukos basa maganin wannan.

Yar Maraɗi: Amma Anty ni B fozitib ce ƙawata kuma O fozitib, ɗanta na fari yayi shawara har aka sa shi a wutar nan mai shuɗi kwana biyu, likita yace jininsu ne bai dace ba. Ya akayi kenan tunda ba negetib bace?

Baban Walid: Wannan na ABO ne ba na Rh ba. Uwa O, jariri A ko B. Abin nan da nace jinin O dama yana dashi, wani lokacin kaɗan daga ciki yana ratsa mabiya. Shi baya jiran ciki na biyu, ɗan fari ma yana samu. Amma yawanci mai sauƙi ne, shawara ce da wuta take saukarwa, da wuya ya kai ga kumburi a ciki. Kuma babu allurar rigakafinsa, sa ido ne kawai. Maman Ilham ke ma wannan ya shafe ki tunda O ce ke shi B, ko da Coombs ɗinki yayi kyau a duba jaririn da kyau kwanakin farko

Amaryar Zariya: Ni kam kaina ya ɗau zafi. Ni A fozitib mijina O negetib, muma sai nayi allurar?

Anty Nas: A'a Amarya. In uwa fozitib ce babu maganar, ko miji menene. Uwa negetib kawai. In kuma su biyun duka negetib ne nan ma babu, dan 'ya'yan duk negetib zasu zo.

Hajiya Babba: To ni tambayata, iyayenmu da kakanninmu da suka haifi goma sha biyu a ɗaka wace allura akayi musu

Baban Walid: Hajiya 95 cikin 100 ɗinsu fozitib ne, babu abinda zai same su. Ragowar kuma wasu sun tsira, wasu su ne ake cewa masu wabi. Bance duk wabi wannan bane fa, sikila na nan, zazzaɓi na nan, ƙyanda na nan. Amma wadda ɗan farinta ya rayu na baya suka dinga zuwa da shawara ko a kumbure, wannan kam alamar a fili take. A turai ma haka suka yi ta binne jarirai, sai 1940 Landsteiner da Wiener suka bayyana Rh ɗin, allurar kuma sai 1968 aka fara amfani da ita.

Hajiya Babba: Uhm. Allah ne dai mai rayawa

Ummu Sudais: Haka ne Hajiya, kuma shi yace a nemi magani

Maman Ilham: Salam 'yan uwa na dawo. Na karɓo sakamakon yanzu, an rubuta ICT: Negative. Anty wannan mai kyau ne ko mara kyau, dan kalmar negetib ɗin nan yanzu tsoronta nake

Anty Nas: Alhamdulillah! Mai kyau ne, ma'ana ba'a ga sojojin a jininki ba. Kin tsallake sau biyu, kar ki gwada na uku. Ga yadda zaki yi.

Yanzu kina sati 22. Idan kin kai sati 28 za'a sake ɗibar jini a maimaita Coombs, sannan a miki allurar, a ɗiba jinin tukunna kafin allura ba bayanta ba. Wadda aka fi samu a nan ita ce mai 300 mcg, a kwalin zaki ga 1500 IU, abu ɗaya ne. A dantse ko cinya akeyi. Tana daɗewa a jiki wajen sati 12, kinga daga 28 zata kai ki 40 kenan, shiyasa aka zaɓi lokacin, dan a watanni ukun ƙarshe ne jinin jariri yafi yoyowa a ɓoye ba tare da kin ga komai ba.

Sai haihuwa. Wannan karon dan Allah ba a gida ba. Ana haihuwa a ɗebi jinin cibiya a gwada rukunin jaririn da Coombs nashi. In fozitib ne a sake miki wata allurar cikin awa 72, kwana uku kenan, kuma gara ranar farko. In negetib ne ba sai anyi ba. Ta bayan haihuwar ita kaɗai tana sauko da haɗarin daga 16 ɗin nan zuwa wajen 2 cikin 100, in aka haɗa da ta sati 28 kuma ya koma ƙasa da 1 cikin 100 can ƙasa.

Tsakanin yanzu da lokacin kuma in kika ga jini, ko kika faɗi, ko hatsarin adaidaita, ko akace za'a juya jaririn da hannu dan ya zo a zaune, kar ki jira sati 28, ki je ki faɗa musu ke negetib ce, awa 72 ɗin nan tana aiki a nan ma.

Maman Ilham: Nagode sosai Anty Allah ya saka da alkhairi. Amma maigidan ya tambayo kuɗinta a kemis ya dawo yana ta shiru, yace in dole sai guda ɗaya zamu iya wacce za'ayi?

Anty Nas: Tambayar da nafi sha kenan. In dai da hali biyun. In babu yadda za'ayi, ta bayan haihuwa ita ce ba'a wasa da ita, dan a lokacin ne jini yafi tsallakowa. Amma ku fara tari tun yau, kuna da sati shida kafin ta farko da wajen wata huɗu kafin ta biyu. Kuɗin ragon suna da kayan fitar suna dai ana samo su

Ummu Sudais: Wlh kuwa. Abinda muka kashe a canjin jini da kwanciya ya ninka kuɗin allurar ban san sau nawa ba, banda abinda kuɗi baya dawo dashi

Baban Walid: Kuma a kula da inda za'a siya. Daga jinin mutane ake haɗa ta, a firij take zama tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba'a daskarar da ita kuma ba'a barinta a zafi. Kemis ɗin da wuta sai ta kwana biyu babu kuma babu sola, ni bazan siya a nan ba ko da rahusa. A duba ranar lalacewa, a ɗauko ta a kula da ƙanƙara a naɗe kar ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a wuce asibiti. Kar a kai gida a ajiye a kan wadrob ana jiran naƙuda. Kuma ki sa a rubuta miki a kati ranar da akayi, saboda in aka gwada Coombs bayan allurar zai iya nuna fozitib kaɗan, allurar ce ake gani ba naki sojojin ba, wanda bai sani ba sai ya tsorata ki ko ma ya hana ki ta bayan haihuwa.

Yar Maraɗi: To in awa 72 ta wuce fa? Yayata ta haihu yau kwana biyar, yanzu na kira ta tace O negetib ce ita ma kuma ba'ayi mata ba

Anty Nas: Ta tafi yau ɗin nan. Ƙarfinta yana raguwa amma har kwana 10 ana yi dan ana sa ran zata taimaka, wasu likitocin ma suna bayarwa bayan haka. A gwada jaririn, in fozitib ne a mata. Kar ta tsaya sai anyi suna

Amaryar Zariya: Ɓari fa Anty, ko na sati shida ne sai anyi? dan wasu basa ma zuwa asibiti

Anty Nas: Ni a wajena duk ɓari mace negetib ta je a mata. In akayi wankin ciki, ko ciki a bayan mahaifa, ko ɓarin ya wuce sati 12, wannan mu dai a wajenmu ba'a tsallake shi.

Baban Walid: Anty a nan zan ɗan saɓa miki. Ɓarin da bai kai sati 12 ba kuma ya fita da kansa ba'a sa ƙarfe ba, ƙa'idar Ingila ma bata ce a bayar ba, dan jinin ɗan tayin bai kai ya kawo ba. Ga tsadar abin, a sa talaka ya siya a inda amfaninsa bai tabbata ba, sannan a zo haihuwa ya rasa

Anty Nas: Malam na san da wannan, amma su can sikanin sukeyi su san satin daidai. Mu nan mace zata ce min wata biyu ne, in duba in ga ya kusa huɗu, tana shayarwa bata ga al'ada ba balle ta ƙirga. Kuma nawa ne suke ƙarewa ba'a wanke ba? Ni dai gara in bayar

Baban Walid: In ba'a san satin ba na yarda. In an sani kuma ina nan kan bakana. Likitan da ya duba ta ya yanke

Ummu Sudais: To ni irina fa da Coombs ya riga ya zama fozitib, Anty akwai fata kuwa? Shekara biyu kenan ina tsarin iyali saboda tsoro, shi kuma ya fara maganar ƙari

Anty Nas: Akwai, amma ba awon unguwa zaki yi ba, kuma gara ki ga likitan mata tun kafin ki ɗauka. Asibitin koyarwa zaki nufa, irin na Malam Aminu Kano ko Shika, inda akwai ɗakin jarirai da bankin jini. Abu na farko a binciki maigidanki, in irin rabi da rabin nan ne da Malam ya faɗa, kowane ciki akwai yiwuwar jaririn ya zo negetib, shi kuma sojojinki babu abinda zasu masa. Ga wadda abin bai taɓa taɓa mata jariri ba ana auna yawan sojojin ne lokaci lokaci, in ya kai 1:16 ko sama a ƙara sa ido. Ke kuma tunda ya riga ya faru ba za'a tsaya kan wannan ba, sikanin na musamman za'a dinga miki tun wajen sati 18, duk sati ɗaya ko biyu, ana auna gudun jini a wata jijiya ta kan jaririn. Jini in yayi ƙaranci yakan tsinke ya dinga gudu da sauri, ta nan ake ganewa tun kafin kumburi. In yayi ƙasa kuma cikin ya isa sai a ciro shi da wuri a kula dashi a waje, wuta da canjin jini ta cibiya. In bai isa ba ana iya ƙara masa jini yana ciki, amma gaskiya ba ko'ina ake wannan ba kuma ba arha. Bazan ɓoye miki ba, wadda ta taɓa rasa ɗa da kumburi, na gaba in fozitib ne haɗarin babba ne.

Ummu Sudais: A cikin ukun dai ban san rukunin Sudais ba, ta biyun fozitib ce. Zan kai Sudais a gwada

Baban Walid: Ki kai shi, amma in jikinki ta dalilinsa ya kamu to fozitib zai fito, bazai faɗa miki komai akan baban ba. Sai dai a tambayi iyayen mijin, in ɗayansu negetib ne to tabbas shi rabi da rabi ne. Kuma ku duka masu negetib ɗin nan, ke da Maman Ilham da yayar Yar Maraɗi, ku nemi mai baku jini tun kafin watan haihuwa. O negetib sai O negetib take karɓa, kuma ranar da ake nemansa da daddare ba'a cika samu a firij ba. Ku fara da 'yan ɗakinku, a nan aka fi dacewa. Maman Ilham miji kuma bazai baki ba, B fozitib ne

Maman Ilham: Toh, yayyena maza uku ne zan sa su je. Malam in sun tashi a ce wane gwaji za'ayi musu, kar su je su dawo min da jinotaif

Baban Walid: Su ce blood group, takardar ta fito da harafi da kuma Rh D positive ko negative a gefe. In harafi kawai suka gani su koma a cika musu